Ƙashinmu Bayan Al'ada Ta Ɗauke: Lissafin Kalsiyam a Cikin Tukunyarmu

Ina godiya ga uwarmu shugabar mata da ta ba ni filin lafiya na wannan makon. An rubuta jawabin ne don wadda ba ta samu zuwa taro ba ta karanta a natse, ko ta sa 'yarta ta karanta mata.

Maganarmu ta yau a kan ƙashi ce, musamman ƙashin macen da al'ada ta ɗauke mata ko take dab da ɗaukewa. Za mu duba abin da ke faruwa a cikin ƙashin, sannan mu ɗauki abincin mace guda na wuni ɗaya mu lissafa shi kamar yadda muke lissafin cefane, mu ga inda giɓi yake da yadda za a cike shi da abin da ke kasuwarmu.

*Me ke faruwa a cikin ƙashi?*

Da yawanmu muna ɗaukar ƙashi kamar busasshen icce ne, in ya gama girma shi ke nan. Ba haka ba ne. Ƙashi abu ne mai rai, jini na ratsa shi, kuma kullum aiki ake yi a cikinsa. Ku tuna gidan ƙasa: duk shekara damina tana cin bango, rani ya zo a yi yaɓe. To, haka jiki yake da ƙwayoyin halitta iri biyu a ƙashi, waɗansu suna kankare tsohon ƙashi, waɗansu suna bin baya suna yaɓa sabo. Kayan yaɓen nan, babbansu shi ne sinadarin kalsiyam. Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikinmu a ƙashi da haƙora yake.

Ɗan ragowar da ke cikin jini kuwa, da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi, da shi jini ke daskarewa in an ji ciwo. Saboda haka jiki ba ya yarda na cikin jini ya yi ƙasa. In bai samu daga abinci ba, sai ya je ya ɗebo daga ƙashi, ba sallama. Ki riƙe wannan da kyau, domin shi ya sa mace za ta je a auna kalsiyam na jininta a ce lafiya lau, alhali ƙashinta yana ta zaizayewa. Gwajin jini ba ya gaya miki ƙarfin ƙashinki.

Daga yarinta zuwa wajen shekara 30, masu yaɓe sun fi masu kankara ƙarfi, ƙashi yana ta yin nauyi. Daga nan sai a yi kusan kunnen doki na wasu shekaru. Abin da ke taka wa masu kankara birki a jikin mace shi ne sinadarin istirojin, wanda ƙwan mace ke samarwa. Idan al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55, istirojin ya faɗi, birkin ya saki. A shekarun da ke kewaye da ɗaukewar al'ada mace kan rasa kamar kashi 2 cikin 100 na ƙashinta duk shekara, ta yadda a shekara biyar ana iya rasa kashi ɗaya cikin goma. Bayan nan zaizayewar takan rage gudu, amma ba ta tsayawa.

In abin ya yi nisa, cikin ƙashin ya zama huji-huji kamar azarar da gara ta ci: daga waje lafiya, amma ƙaramin nauyi sai ta karye. Wannan shi likitoci ke kira ostiyoforosis, mu ce zaizayewar ƙashi. A ƙididdigar duniya, kusan mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 za ta samu karaya saboda shi. Gaskiya ne baƙar fata kan fi farar fata nauyin ƙashi a jimlace, amma wannan ragi ne kawai aka yi mana, ba a cire mu daga ciki ba.

*Ya za ki gane?*

Ga inda ake yawan ruɗewa. Da mace ta fara ciwon gwiwa ko yatsu sai a ce ai ƙashinta ne ya rasa kalsiyam. Ciwon gwiwa da kumburin gaɓa yawanci amosanin gaɓɓai ne, wata cuta ce dabam. Ita zaizayewar ƙashi ba ta ciwo sam, sai ranar da ƙashi ya karye. Don haka alamominta uku ne da ya kamata mu sa wa ido.

Ta farko, karaya daga ƙaramar faɗuwa. Santsi ya kwashe ki a banɗaki, ko kin yi tuntuɓe da dokin ƙofa, kin dafa ƙasa, sai wuyan hannu ya karye. Lafiyayyen ƙashi bai kamata ya karye daga faɗuwar da aka yi daga tsaye ba. Wuraren da suka fi karyewa su ne wuyan hannu, da ƙashin baya, da wuyan ƙashin cinya a wajen ƙugu.

Ta biyu, raguwar tsawo. Ƙasusuwan gadon baya sukan lotse ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa ba tare da an faɗi ba. In kin ragu da kamar santimita 4 daga tsawonki na ƙuruciya, wato kusan faɗin yatsu biyu zuwa uku, a duba ki. Ki jingina da bango ba takalmi, a sa miki alama, ki riƙa dubawa duk shekara.

Ta uku, rankwafawar baya ta sama, wadda muke cewa ai tsufa ne, ko kuma ciwon baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya bayan kin ɗaga bokiti ko kin sunkuya.

Gwajin da ke auna nauyin ƙashi sunansa DXA, wata na'urar hoto ce da ake kwanciya a kanta na 'yan mintuna, ba allura ba ciwo. Sakamakonsa lamba ce. In lambar ta kai -2.5 ko ta yi ƙasa da haka, zaizayewar ƙashi ce. Tsakanin -1 da -2.5 kuma ƙashi ya fara rauni. Na'urar ba ko'ina take ba, sai manyan asibitoci. Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna karaya, amma ba ya nuna zaizayewa sai ta yi nisa sosai. In babu na'urar kusa da ke, karaya daga ƙaramar faɗuwa a ƙugu ko a baya ta ishi likita ya fara ba ki magani.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45, ko aka cire mata ƙwan mahaifa a tiyata. Da siririyar mace marar jiki. Da wadda mahaifiyarta ko mahaifinta ya taɓa karaya a ƙugu. Da mai shan taba. Da mai yawan zama ko doguwar jinya.

Akwai kuma guda ɗaya da nake so in ja kunnenmu a kai, domin ta shafe mu ƙwarai: ƙwayoyin nan irin su deksametason da firedinisolon. Wasu na shan su don ƙiba da cikar jiki, wasu kuma ana haɗa musu a cikin ƙullin maganin ciwon jiki a kemis ba tare da sun san me ke ciki ba. Shan su kullum har wata uku ko fiye yana cin ƙashi da sauri, yana kuma rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa. In likita ne ya ɗora ki a kai saboda asma ko wata cuta, kada ki daina da kanki, yankewa farat ɗaya haɗari ne. Ki koma ki tambaye shi yadda za a kare ƙashinki. In kuwa da kanki kike saye, ki je asibiti a rage miki a hankali.

*Nawa ake buƙata?*

Hukumomin lafiya sun ɗan bambanta a kan adadin, amma wanda aka fi amfani da shi ga macen da ta haura shekara 50 shi ne miligiram 1,200 a rana, kafin nan kuma 1,000. Kada kalmar miligiram ta ba ki tsoro. Ki ɗauki kofi ɗaya na madarar shanu ko kindirmo mai kauri, irin kofin da ke cin rabin ledar ruwan sha, a matsayin ma'auni. Shi yana da kamar 300. Kenan buƙatarki ta wuni daidai take da irin wannan kofi huɗu. Ba cewa na yi ki sha kofi huɗu ba, aljihu ma ba zai ɗauka ba. Ma'auni ne kawai da za mu riƙa gwada sauran abinci da shi.

Matsalarmu ita ce abincin da muke cika ciki da shi kusan babu kalsiyam a ciki. Masara, shinkafa, dawa, gero, duk ɗan kaɗan gare su, malmalar tuwo guda da kyar ta ba ki 20. Nama ma haka, yana da amfaninsa wajen gina tsoka, amma ba shi da kalsiyam na kirki. Wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya duba yaran da ƙafafunsu suka gwame ko suka lanƙwashe, ya gano abincinsu na ba su kamar 200 kacal a rana, kuma da aka ba su kalsiyam ƙasusuwan suka warke. Yara ne aka auna, amma ai tukunya ɗaya muke ci da su.

*Mu lissafa abincin wuni guda*

A ce ga wata yayarmu, shekararta 54, al'ada ta ɗauke mata shekara uku ke nan. Lambobin da zan ba ku kimantawa ce, domin hannu ya bambanta wajen zuba kaɗi, amma za su nuna mana hanya.

Da safe ta sha kokon gero da ƙosai biyar, wannan kamar 60. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, shi ma kamar 60. Da dare tuwon masara miyar kuka da yankan nama biyu, kamar 120, kuma mafi yawansa daga kukar ya fito. Jimla 240. Ta ƙoshi sarai, ba wanda zai ce tana cikin yunwa, amma kashi ɗaya cikin biyar na buƙatarta kawai ta samu. Kuma wannan na faruwa ne daidai lokacin da birkin ƙashinta ya saki.

Yanzu mu gyara mata ba tare da mun sauya mata girki gaba ɗaya ba.

Da safe, maimakon kokon gero zalla, ta dama kunun tamba. Tamba ita ce sarauniyar hatsi a wannan fanni, tana da kamar 340 a giram 100, wato ta ninka gero wajen sau goma. Garin da zai yi mata kofi babba ɗaya, kamar giram 50, zai ba ta 170. In ta zuba madarar gari cokali uku a cike, ƙarin 250 ke nan. Da ƙosanta, karin kumallo ya tashi 460.

Da rana shinkafa da wakenta na nan, sai dai ta haɗa da kwaɗon zogale ƙaramin kwano ɗaya, wanda zai ƙara aƙalla 150. Abincin rana ya zama 210.

Da la'asar ta sha kindirmo kofi ɗaya, da fura ko ba fura, 300.

Da dare tuwo miyar kuka yana nan, amma a daka ƙananan busassun kifi da kansu da ƙayarsu a zuba a miyar. Rabonta daga ciki, kamar cokali ɗaya zuwa biyu na garin kifin, zai iya ba ta 150. Abincin dare ya zama 270.

Ku tara: 460 da 210 da 300 da 270, ya kama 1,240. Ta cika buƙatarta, ba ƙwaya ko ɗaya. Ranar da babu kuɗin madarar gari, a cire 250, saura 990, har yanzu ya ninka na farko sau huɗu. Ranar da ba a samu tamba ba, a ƙara kuka a miya, a ƙara zogale.

Ku lura kuma da yadda muka rarraba shi safe, rana, la'asar da dare. Da gangan ne. Hanji ya fi tsotsar kalsiyam in bai wuce kamar 500 a zama ɗaya ba. Kofi ɗaya da safe da kofi ɗaya da yamma sun fi kofi biyu a lokaci guda.

*Inda ake yin asara a kicin da kasuwa*

Nono da madara su ne kan gaba, domin jiki na tsotsar kusan kashi ɗaya cikin uku na kalsiyam ɗinsu. Amma nonon da aka tsinka da ruwa, kalsiyam ɗinsa ma an tsinka shi. In rabi ruwa ne, kofinki 150 ne, ba 300 ba. Ki nemi mai kauri. Cire mai daga nono ba ya rage kalsiyam, domin ba a cikin man yake ba, shi ya sa man shanu kansa kusan babu komai a ciki. Cuku da awarar nono su ma suna da yawa. Ɗanyen nono a tabbatar an tafasa shi kafin a sha ko a kwantar da shi, saboda cututtukan da ake ɗauka daga shanu irin su tarin fuka. Tafasawa ba ta kashe kalsiyam. Wadda madara ke kumbura wa ciki ko sa ta zawo, ta gwada kindirmo, ya fi sauƙi a ciki. Mai ciwon suga kuma ta sha ba suga, ta rage fura.

Madarar gari da ake aunawa a kasuwa ba duka ce madara ba. Akwai farin garin da ake yi da man ganye don shayi ya yi fari da maiƙo, wannan kalsiyam ɗinsa bai taka kara ya karya ba. In da fakiti, ki sa a karanta miki jikinsa a ga adadin kalsiyam da aka rubuta.

Kifi kuwa, sirrin a ƙayar yake. Babban kifin da ake cin tsoka a zubar da ƙaya ba ya ba ki kalsiyam sosai. Ƙananan busassu da ake dakawa gaba ɗaya, da kirafish, da sadin na gwangwani mai laushin ƙaya, su ne abin nema. Gwangwanin sadin ɗaya in an ci da ƙayarsa ya kai kofin madara guda. Ki wanke busasshen kifi ki shanya kafin ki daka, a daka shi lukwi saboda yara da tsofaffi.

Farfesun ƙashi fa? Na san da yawa za su ce ai su suna dafa ƙashi su sha romo. Romon yana da daɗi, amma kalsiyam ba ya narkewa cikin ruwa daga ƙashin saniya sai ɗan abin da ba a rasa ba, ko an kwana ana dafawa. Kada ki sa shi a lissafi.

Ganye ma ba duka ɗaya ba ne. Kuka da zogale, musamman busassu, suna da yawa: cokali ɗaya a cike na garin kuka ko na zogale ya kai kamar 100. Lalo da kuɓewa suna taimakawa. Alayyahu yana da kalsiyam da yawa a takarda, amma yana ɗauke da wani sinadari mai suna okzalet da ke ɗaure shi ya hana hanji tsotsa, don haka ki ci don sauran amfaninsa, kada ki dogara da shi. Riɗi ma haka: mafi yawan kalsiyam ɗinsa a ɓawon yake, cokali ɗaya na wanda ba a surfa ba ya kusa 90, amma ba duka ke shiga jiki ba, wanda aka surfa kuma ya rasa mafi yawansa. Kantu da miyar riɗi ƙari ne mai kyau, ba ginshiƙi ba.

Awarar waken suya tana gina jiki, sai dai yadda muke kama ta da ruwan tsami ko tsamiya, kalsiyam ɗinta matsakaici ne. Hatsi da wake kuma suna da wani sinadari da ke riƙe kalsiyam, amma jiƙa su su kwana ko barin gasara ta yi tsami yana rage shi. Kun ga iyayenmu da ke jiƙa hatsi tun jiya ba ɓata lokaci suke yi ba.

Abubuwa biyu da ake zaton suna ƙara ƙarfin ƙashi amma ba haka ba ne: kanwa da farar ƙasa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, ba hanyar samun kalsiyam ba ce. Farar ƙasa kuma tana iya ɗauke da dalma da ƙwan tsutsa, tana kuma hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Gishiri kansa, in ya yi yawa, yana fitar da kalsiyam ta fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano da muke marmasawa a miya yana cikin lissafin. Ki rage dunƙule, ki ƙara daddawa da garin kifi, miya ba za ta yi lami ba. Shayi da goro daidai misali ba matsala ba ne in kina samun kalsiyam isasshe.

*Rana da motsi*

Kalsiyam ba ya shiga jini yadda ya kamata sai da bitamin D, shi ne mabuɗin ƙofar hanji. Abinci kaɗan ne ke da shi, irin su gwaiduwar ƙwai, hanta da kifi mai maiƙo. Mafi yawansa fatarmu ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta. Za ki ce ai mu rana ta yi mana yawa. Haka ne, amma sai ta taɓa fata kai tsaye. Tufafi na tare ta, gilashin taga na tare ta, baƙar fata kuma tana buƙatar lokaci fiye da fara. Macen da ke wuni a ɗaki ko ofis, in za ta fita a lulluɓe cikin mota, tana iya rasa bitamin D a tsakiyar Kano ko Sakkwato. Gyaran ba wuya: a tsakar gidanki, da hantsi, ki bar hannuwa da ƙwauri a buɗe kamar minti 20 zuwa 30, kwanaki da dama a mako, kina tsince wake ko shanya. Tsohuwar da ba ta iya fitowa da kanta, a riƙa fito da ita.

Ƙashi kuma yana ƙara ƙarfi ne in ana ɗora masa nauyi. Tafiya da ƙafa da ɗan sauri minti 30 a yawancin kwanaki, hawa bene, tashi daga kujera a zauna sau goma ba tare da dafawa ba, duk suna gaya wa masu yaɓe su ci gaba da aiki, suna kuma ƙarfafa cinya don kada a faɗi. Al'adar nan tamu ta cewa Hajiya ta girma, ta zauna a yi mata komai, ƙauna ce, amma in ta yi yawa tana raunana ƙashi. Wadda aka riga aka tabbatar ƙashin bayanta ya zaizaye kuwa, ta guji sunkuyawa ta ɗaga abu mai nauyi. Ta durƙusa da gwiwa, bayanta a miƙe.

*Iyakar abinci*

Nan zan faɗi gaskiya tsakani da Allah. Abinci yana ba masu yaɓe kayan aiki, yana rage saurin zaizayewa, amma ba ya mayar da istirojin, kuma ba ya warkar da ƙashin da ya riga ya zaizaye. Wadda ta karye daga ƙaramar faɗuwa, ko gwaji ya nuna -2.5, tana buƙatar magani a kan abincin. Akwai magunguna da ke rage karaya ƙwarai, irin su alendironet da ake sha sau ɗaya a mako da sassafe kafin a ci komai, da ruwa kofi cike, a zauna a miƙe rabin awa ba a kwanta ba. Likita ne ke rubuta shi, bayan ya duba ƙoda da sauransu.

Ƙwayar kalsiyam kuma ta cike giɓi ce. In abincinki na ba ki 700, ƙwaya mai 500 ta isa. Ba a son jimlar abinci da ƙwaya ta wuce 2,000 a rana. Ƙwayar tana iya sa taurin bayan gida, tana kuma iya ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. A sha ta da abinci, kada a haɗa ta lokaci ɗaya da ƙwayar ƙarin jini ko maganin maƙoƙo, domin tana hana su shiga jiki. Mai ciwon ƙoda ko wadda ta taɓa tsakuwa, ta tambayi likita tukuna.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi kowacce nauyi. Idan dattijuwa ta faɗi ta kasa taka ƙafa, tana jin ciwo a matsematsi ko ƙugu, ƙafar ta gajarce ko ta juya waje, wannan karayar ƙugu ce sai in hoto ya nuna akasin haka. A kai ta asibiti ranar, kada a tsaya ɗori a gida. Karayar tana can ciki inda kara ba ya kamawa, yawanci sai an yi tiyata. Kwanciyar makonni ita ke kawo gyambon kwanciya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a jijiya. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki, kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka karye a ƙugu ba ya kai shekara guda. Shi ya sa rigakafin faɗuwa ma aiki ne: a goge santsin banɗaki, a sa fitila a hanyarsa da dare, a kawar da tabarmar da bakinta ya naɗe, a duba idon tsofaffinmu.

Aikin da zan ba mu a wannan makon shi ne kowacce ta lissafa abincinta na jiya da ma'aunin kofin nan, ta ga nawa ta samu cikin huɗu. In ɗaya ne, ta ƙara ɗaya tukuna: kindirmo da la'asar, ko garin kifi a miya, ko tamba a kunu. 'Yan matanmu kuma da ba su kai 30 ba, yanzu ne ƙashinsu ke tara abin da za su ci gajiyarsa nan gaba, a zuba musu su ma.

Mai tambaya ta aiko ta hannun shugabar mata ta mazaɓarta, za mu tattara mu amsa a zama na gaba. A tura wa iyaye da surukai da maƙwabta. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa mu tsufa da ƙafafunmu.